Yadda Ake Gyara Tukunyar Shinkafa Ta Lantarki Idan Ta Maƙale A Kan Ɗumi Ta Ƙi Dahuwa

Ka auna shinkafa, ka wanke, ka zuba ruwa, ka danna maɓalli, sai ya dawo sama da ɗan ƙara. Ko kuma ya zauna a ƙasa daram, amma fitilar `Warm` ce ke ci, ta `Cook` ko ƙyaftawa ba ta yi. Bayan rabin awa ka buɗe murfi ka tarar da shinkafa kwance cikin ruwa mai ɗumi, ta jiƙa ba ta dahu ba. Yawancin masu tukunya a nan suke yanke hukunci cewa farantin zafi ya ƙone, su ajiye ta a lungu. Ni kuwa abin da hannuna ya sha gani shi ne, farantin ne na ƙarshe da ke mutuwa. Tun da har tukunyar tana ɗumi, wuta tana shiga, kuma laifin galibi yana ɗaya daga cikin wurare uku: zaman tukunyar ciki a kan faranti, tamostat ɗin da ke tsakiya, ko bakin makunni.

Bayanin nan na tukunya mai maɓalli ɗaya ne da fitilu biyu. Mai allo da lambobi tsarinta daban ne, domin ita na'urar jin zafi da allon lantarki take amfani da su.

Abin da ke faruwa idan ka danna maɓallin

Cire tukunyar ciki ka leƙa. Za ka ga faranti na alminiyam, a tsakiyarsa kuma wani ɗan ƙoƙo mai lotsawa idan ka danna shi da yatsa. Wannan ƙoƙon shi ne tamostat. A cikinsa, daga sama, akwai wani ɗan ƙarfe na musamman, a ƙasa kuma akwai maganaɗisu da ke haɗe da sandar maɓalli. Idan ka danna maɓalli, maganaɗisun yana tashi ya manne wa ƙarfen, mannewar ce ke riƙe makunni a rufe har wuta ta tafi faranti kai tsaye.

Shi wannan ƙarfen an haɗa shi ne yadda da zarar zafinsa ya kai wajen digiri 103, maganaɗisu ya daina kama shi. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai ruwa a gindin tukunya zafin ba ya wuce nan. Sai shinkafa ta tsotse ruwan zafi ya haura, maganaɗisu ya saki, sifirin ya tura shi ƙasa, maɓalli ya tashi. Wato tukunyar ba lokaci take ƙirgawa ba, zafin gindinta kawai take saurare. Duk abin da ya sa ƙoƙon ya yi zafi kafin lokaci, ko ya hana maganaɗisu isa wurin ƙarfen, zai mayar da kai kan ɗumi. Idan ka riƙe wannan, sauran binciken duk zai zo maka da sauƙi.

Mataki na farko: gane irin ƙin da take yi

Kada ka ɗauko sukudireba tukuna. Zuba ruwa kofi biyu a tukunyar ciki, babu shinkafa, ka zaunar da ita, ka jona wuta, ka danna maɓalli, ka tsaya kana kallo. Ɗayan abu uku zai faru. Ko maɓallin ya ƙi zama sam, kana ɗauke yatsa ya tashi. Ko ya zauna, ruwa ya fara zafi, bayan 'yan mintuna ya tashi alhali ga ruwa nan cike. Ko kuma ya zauna a ƙasa amma fitilar `Warm` ta ci gaba da ci, ruwa ya ƙi tafasa. Na farko da na biyu suna nuni ga tukunyar ciki da tamostat, na uku ga makunni.

Abu biyu na iya ruɗar ka a nan. Tukunyar da ta gama dahuwa yanzu-yanzu ba za ta yarda maɓalli ya zauna ba sai ƙoƙon ya huce, don haka ka ba ta kamar minti 10. Haka nan idan babu tukunyar ciki, maɓallin yawancinsu ba ya zama, domin nauyin tukunyar ne ke sauko da ƙoƙon zuwa inda maganaɗisu zai kai gare shi. Wannan kariya ce da aka yi da gangan, ba lalacewa ba ce.

Mataki na biyu: faranti da gindin tukunya

Zare fulogi daga bango, ka bari ta huce sosai. Wannan matakin ba ya buƙatar kayan aiki, shi ya sa ake raina shi, alhali a nan ne mafi yawan gyaran yake ƙarewa.

Shafa tafin hannunka a kan farantin. Ƙwayar shinkafa ɗaya da ta ƙone ta manne ta isa ta ɗaga tukunyar ciki kaɗan, kuma wannan 'yar tazarar ta isa ta ɓata lissafi. Farantin yana fitar da zafi, tukunyar ba ta kwashe shi yadda ya kamata, sai ya yi zafi fiye da kima, zafin ya ratsa ƙoƙon da ke tsakiyarsa, maganaɗisu ya saki tun ruwa bai ƙare ba. Idan ka ga dabbare-dabbaren baƙi ko ruwan shinkafa da ya bushe ya yi ɓawo, jiƙa tsumma ka matse shi sosai ka goge. Abin da ya ƙi fita, ka sa samfefa mai laushi, lamba 600 ko sama da haka, ka bi shi a hankali da zagaye. Kada ka kankare da wuƙa, domin alminiyam na da taushi, duk ramin da ka yi ya zauna ke nan. Kada kuma ka zuba ruwa cikin gangar, wayoyi na ƙarƙashinta.

Sai ka kifa tukunyar ciki ka duba gindinta. Ka nemi lotsawa, musamman a tsakiya, inda take taɓa tamostat. Tukunyar da ta taɓa faɗuwa, ko wadda aka taɓa ɗorawa a kan murhu don ɗumame, gindinta kan karkace ba tare da ido ya gani ba. Ɗora rula a kai ba ya faɗin gaskiya, domin da yawa daga cikinsu tun daga masana'anta gindin na da ɗan lanƙwasa da ya dace da tudun farantin. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta alli. Goga alli a duk fuskar farantin, ka zaunar da tukunyar, ka juya ta dama da hagu sau uku kana ɗan dannawa, ka ɗaga. Idan allin ya kama gindin ko'ina, zaman ya yi. Idan gefe ɗaya kawai ya kama, ko tsakiya ya fito fes babu alli, ka sami inda matsalar take. Kafin ka goge allin, ka kuma danna bakin tukunyar ta ɓangarori huɗu ka ji ko tana rawa.

Ƙaramar lotsawa tana gyaruwa. Ka zaunar da tukunyar a kan katako mai faɗi, ka sa guntun itace daga ciki ka buga a hankali, kana komawa gwajin alli bayan kowane bugu biyu ko uku. Idan gindin gaba ɗaya ya murɗe, sai dai sabuwar tukunyar ciki ta samfurin nan. Ta wata tukunya daban, ko da girmansu ɗaya a ido, ba lallai ta zauna ba, kuma na sha ganin gidan da aka yi musayar tukwanen ciki bayan wanke-wanke, aka wayi gari duka biyun sun ƙi dahuwa.

Mataki na uku: tamostat

Har yanzu fulogi a zare yake. Danna ƙoƙon da yatsa ka saki. Lafiyayye yana sauka sumul ya dawo da sauri, ya tsaya ya ɗara farantin tsayi kaɗan. Idan yana cijewa, ko ya sauka ya ƙi tasowa, ruwan shinkafa ne ya gangara ya bushe a kewayensa, ko sifirin ɗin ya mutu. Ƙoƙon da bai taso ba ba ya mannewa da gindin tukunya, don haka zafin faranti yake ji maimakon na ruwa. Goge kewayensa da tsohon buroshin haƙori da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, kana dannawa kana saki har ya warware. Kada ka sa masa mai, zafi zai ƙona man ya zama danƙo.

Yanzu ka danne ƙoƙon da yatsa ɗaya, ka danna maɓalli da ɗaya hannun. Ya kamata ka ji ɗan ƙas, maɓallin ya tsaya a ƙasa. Idan ya tsaya a wannan gwajin amma ya ƙi tsayawa da tukunya a ciki, koma kan gindin tukunyar, ita ce ba ta danna ƙoƙon. Idan ya ƙi tsayawa ko da yatsa, to lokacin buɗe ƙasa ya yi.

Kifa gangar a kan tawul, ka kwance sukurorin murfin ƙasa, galibi uku ko huɗu ne, wani lokaci ɗaya na ɓoye ƙarƙashin robar ƙafa. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton wayoyin. Za ka ga dogon ƙarfe ya taso daga maɓalli zuwa tsakiya, inda ya saƙale da siririyar sanda da ke shiga cikin tamostat. Danna maɓallin kana kallo. Sandar na iya zamewa daga saƙalarta, sai ka mayar. Dogon ƙarfen na iya lanƙwashewa saboda yawan dannawa da ƙarfi, har ya kasa kai maganaɗisu ƙarshen tafiyarsa, sai ka miƙe shi kaɗan da filaya, kaɗan fa, kana gwadawa. Idan ka tura sandar da hannunka har ƙurya, ƙoƙon kuma a danne, amma babu kamawa ko kamun ba shi da ƙarfi, tamostat ɗin ya gama aiki. Tsatsa ko datti sun shiga tsakanin maganaɗisu da ƙarfen, ko maganaɗisun ya tsage ko ya yi rauni.

Ba a gyara shi, canzawa ake yi, kuma aikin minti kaɗan ne. Ƙananan kunnuwa na ƙarfe, yawanci uku, su ke riƙe da shi ta ƙarƙashin faranti. Ka cire sandar daga saƙala, ka miƙe kunnuwan da filaya, ka zaro shi ta sama tare da sifirin ɗinsa. Tafi da tsohon hannunka wurin sayen sabo, domin faɗin ƙoƙon da tsawon sandar dole su zo ɗaya. Sanda gajeriya ko doguwa da ɗan kaɗan za ta mayar da kai inda ka fara.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya bari. Wasu idan maɓalli ya ƙi zama sai su tokare shi da cokali, ko su ɗaure da salatif. Shinkafar za ta dahu a ranar, amma ka cire abin da ke kashe wutar. Ruwa na ƙarewa faranti zai ci gaba da zafi, abin da ya rage tsakaninka da gobara fis ɗaya ne kawai.

Mataki na huɗu: awo da mita

Idan maɓalli yana zama amma babu dahuwa, ido ya gama nasa, sai mita, wato na'urar awon lantarki ta hannu mai tsinke biyu. Ka juya ta zuwa awon turjiya, inda alamar `Ω` take, ka haɗa tsinkunanta biyu ka tabbatar tana nuna kusan sifili. Duk awon nan babu wuta ake yin sa.

Kafin awo ka san lambar da kake nema. A ƙasan gangar akwai takarda mai ɗauke da bolt da wat. Lissafin, inda R ke nufin turjiya a ma'aunin om, V bolt, P kuma wat, shi ne:

```
R = V × V ÷ P
```

Tukunya mai wat 700 a kan bolt 220 za ta ba da om 69. Mai wat 500 wajen om 97, mai wat 1000 wajen 48. Idan ta bolt 120 ce mai wat 700, om 20 da ɗoriya za ka gani. Bambancin om kaɗan sama ko ƙasa ba komai ba ne.

Bari in bi da kai ta wata da na duba, mai lita 1.8, wat 700, bolt 220. Mai ita ta ce wata biyu ke nan sai ta danna sau biyu ko uku kafin jar fitilar `Cook` ta kama, har ranar da ta daina kamawa gaba ɗaya. Na sa tukunyar ciki da ruwa don ƙoƙon ya sauka, na ɗora tsinkunan mita a kan ƙafafun fulogi biyu masu ɗaukar wuta. Maɓalli a sama, mita ta nuna om 1280 ko kusa da haka. Na danna maɓalli ya zauna, mita ba ta motsa ba, tana nan a 1280.

Wannan awo ɗaya ya gaya mini kusan komai. A irin wannan tukunya akwai ƙaramin abin ɗumi na kimanin wat 40, wanda turjiyarsa ta kai om 1200 da 'yan kai, an jera shi a layi ɗaya da farantin. Maɓalli a sama, wuta sai ta ratsa shi kafin ta kai faranti, don haka 'yar kaɗan ke wucewa, ɗumi kawai ake samu. Idan aka danna, makunni ya rufe ya ba wuta gajeriyar hanya, ta tsallake abin ɗumin ta tafi faranti da cikakken ƙarfinta. Ya kamata ke nan lambar ta faɗo daga 1280 zuwa wajen 69. Tun da na sami 1280, igiya lafiya, fis lafiya, farantin ma ba a yanke yake ba, domin da ɗayansu ya yanke mita `OL` za ta nuna, alamar babu hanyar wuta. Tun da kuma lambar ba ta faɗo ba, makunni ne bai rufe ba.

Ba duka tukwane ke da wannan tsarin ba. Wasu ƙaramin tamostat na biyu ne ke kunna farantin yana kashewa don riƙe ɗumi tsakanin digiri 60 zuwa 70 ko kusa. A irin waɗannan, idan tukunya na da sanyi za ka ga ƙaramar lamba ko maɓalli na sama ko ƙasa, sai ka auna makunnin shi kaɗai bayan ka zare waya ɗaya daga jikinsa.

Da na buɗe ƙasan tata, na tarar da 'yan ɗigon ƙarfe biyu da ke haɗuwa a makunni sun yi baƙi ƙirin, ɗaya har ya yi 'yan ramuka kamar an caccaka shi da allura. Kowace kunnawa da kashewa tana haifar da ɗan tartsatsi, shekaru suna tara shi. Na yanko siririn samfefa na ninka, na zura tsakaninsu, na matse su da yatsa na ja sau goma sha wani abu, na juya na yi ɗaya fuskar, sannan na ja farar takarda a tsakani har ta fito babu baƙi. Na kuma lura siririn ƙarfen da ke ɗauke da ɗigon ya saki saboda zafi, sai na ɗan karkato shi don ya riƙa dannawa da ƙarfi. Na sake awo a ƙafafun fulogi: sama 1280, ƙasa 70. Idan ɗigon ya cinye har ƙarfen ƙasa ya bayyana, gogewa ba za ta daɗe ba, sai canji. Haka idan makunnin rufaffe ne cikin baƙar roba, ba a buɗe shi, a sa sabo mai ɗaukar amfiya daidai da tsohon ko fiye.

Idan zargi ya koma kan faranti

A ƙasan farantin akwai ƙafafu biyu da wayoyi ke ɗaure. Zare waya daga ɗaya, don kada mita ta bi ta wata hanya ta ruɗe ka, ka auna tsakanin ƙafafun. Lamba kusa da lissafinka na nufin yana da rai. `OL` na nufin wayar cikinsa ta yanke, kuma tun da an zuba alminiyam a kanta ne, babu ɗauri, sai sabon faranti mai wat da faɗi iri ɗaya. Sannan ka juya mita zuwa mafi girman awonta, tsinke ɗaya a ƙafa, ɗaya a jikin alminiyam. A nan `OL` ake so. Idan lamba ta fito, wuta na zurara zuwa jikin tukunya, kada a sake jona ta sai an canza farantin, ko da tana dahuwa.

Duba sukurorin ƙafafun ma. Wanda ya saki yakan yi zafi, wayar ta yi baƙi ko rigarta ta ƙanƙance, kuma yana iya barin 'yar wutar ɗumi ta wuce ya hana babbar. Goge shi ka ɗaure tamau.

Fis ɗin zafi yana ɓoye cikin farar riga a kan wayar da ta shigo, an maƙale shi kusa da jikin ganga ko faranti. Idan ya yanke, a yawancin tukwane ko fitila ɗaya ba ta ci, don haka ba kasafai yake da hannu a matsalar maƙalewa a ɗumi ba. In ya kama a canza, a karanta digiri da amfiyar da ke jikinsa a sa irinsa, a matse shi da maƙalar ƙarfe. Dalma ba ta dace ba, zafin gogar dalma kaɗai na iya kashe sabon, kuma ba a maye gurbinsa da guntun waya.

Gwaji kafin shinkafa

Ka mayar da wayoyi kamar yadda hoton ya nuna, ka tabbatar babu wadda ta jingina da faranti ko ta tare hanyar dogon ƙarfen, ka rufe ƙasa kafin ka jona wuta. Zuba ruwa rabin kofi kawai, yadda ya rufe gindin, ka bar murfi a buɗe, ka danna. Fitilar `Cook` ta kama, ruwan ya tafasa cikin 'yan mintuna, maɓalli ya ci gaba da zama har ruwan ya kusa ƙafewa. Bayan gindin ya bushe, cikin ɗan lokaci kaɗan za ka ji ƙas, fitila ta koma `Warm`. Kada ka matsa daga wurin yayin wannan gwajin, hannunka kusa da fulogi. Idan ta tashi da sauran ruwa, zaman tukunya ko tsawon sandar tamostat bai daidaita ba. Idan gindi ya bushe minti biyu sun wuce ba ta tashi ba, zare wuta nan take ka sake buɗewa: ko ka lanƙwasa dogon ƙarfen fiye da kima, ko ɗigon makunni sun manne da juna.